Ga hoton injin, wane iri ne, kuma batirina zai shige shi? Tambayoyi da amsoshi daga rumfar gyara a Maraɗi

Ina gyaran injinan hannu a nan Maraɗi, na huda da na yankan ƙarfe da na ɗaure sukuru. Yanzu rabin aikina ya koma cikin salula. Wani zai turo hoto daga Kano, wani daga Lome, wani ƙanensa ne ya tsinto masa inji a Aljeriya, kuma tambayar ba ta wuce biyu: wane inji ne wannan, kuma batirin da nake da shi zai tayar da shi? Na gaji da maimaita amsa ɗaya da baki, shi ya sa na tara tambayoyin wuri guda. Misalaina za su fi karkata ga Makita, don a kansa aka fi samun ruɗani a hannuna.

Na turo maka hoton, ka ce bai isa ba. Me ya rage?

Hoton da mutane suka saba ɗauka shi ne na gefen inji, an kwantar da shi a kan akwati, sunan kamfani ya fito raɗau. Wannan hoton na talla ne. Abin da zan gane a cikinsa bai wuce launi da siffa ba, su kuwa biyun nan kowa na iya kwaikwayonsu. Hotuna uku nake so.

Na farko, ƴar takardar da ke manne a jikin injin, mai ƙananan rubutu. A injin huda tana gefen gidan motar da ke juya injin, kishiyar inda aka rubuta sunan kamfani. A nan lambar samfurin take, da ƙarfin wutarsa. A goge ta da tsumma tukuna, a fita waje inda haske yake amma a tsaya a inuwa, kada a kunna fitilar salula, don ƙyallinta yana cinye rubutun. Na biyu, a cire batirin, a kifa injin, a ɗauki ƙasan ƙafarsa inda batirin ke zamewa ya shiga, yadda haƙoran ƙarfen za su fito a ƙirga su. Na uku, bayan batirin kansa, inda tasa takardar take. Idan da caja, a ƙara na huɗu: takardar da ke ƙasanta.

Mai sayarwa da ya ƙi ɗaukar waɗannan hotunan, ko ya riƙa turo su a dushe sau biyu sau uku, ni dai na kan ce a bar masa kayansa.

To in na ga lambar, yaya zan karanta ta?

Ba haruffa ne aka watsa kawai ba, suna da ma'ana. A Makita, injinan 18V na dangin da ake kira LXT suna farawa da harafin D, sai haruffa biyu su faɗi aikin injin. DDF injin huda ne da ɗaure sukuru. DHP shi ma haka, amma da ƙarin bugu don huda bulo. DTD na ɗaure sukuru ne mai duka, DTW na kwance noti, DGA na yanka da gurzar ƙarfe, DHR kuwa babban mai huda kankare. Tsofaffin samfura suna farawa da B a maimakon D, kamar BHP ko BDF. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka suna farawa da X, kamar XPH. Duk ƴan gida ɗaya ne.

Akwai harafi guda da ya sha jawo rigima tsakanin mai aike da ɗan aike: Z a ƙarshen lamba, a jikin kwali ko a takardar ciniki. DHP482Z na nufin gangar jiki kaɗai, ba batir, ba caja. Mutum ya ga arha ya yi murna, kaya su iso ya buɗe kwali ya tarar da inji tsirara.

Bosch kuwa, shuɗi na ma'aikata lambarsa na farawa da G: GSR, GSB, GWS, GBH. Kore na aikin gida tsofaffinsa na farawa da P, kamar PSR da PSB. In ka samu lambar, rubuta ta yadda take a wurin bincike na intanet tare da sunan kamfanin, ka gwada hoton da ya fito da wanda ke hannunka. In lambar ba ta fito ko'ina ba sai a shagunan kayan arha, ka riga ka samu rabin amsarka.

Kamfani ɗaya ne, duka 18V ne. Ai dole batirin ya shiga, ko?

A nan ne kuɗin mutane ke zubewa. Kamfani ɗaya yana iya samun dangin batir uku ko huɗu, kuma ba sa shiga juna ko da ƙarfin wutar ya zo ɗaya. Bari in kawo wanda ya faru a gabana.

Wani kafinta daga unguwar Zariya ya zo mini da sassafe, salula a hannu. Yana da injin yanka DGA da caja da batir biyu BL1830B, duk na LXT, shekaru yana aiki da su. Ɗan wansa da ke Kano ya ga injin huda na Makita ba batir, a farashi mai sauƙi, ya turo hoto. Launi daidai, suna daidai, an rubuta 18V.

Ya ce, «Malam, duba mini. Yaron nan yana tsaye gaban mai kaya, jira yake in ce ya biya.»

Na ce, «Maigida, ce masa ya juya injin ya ɗauko mana takardar.»

Hoto ya zo, muka buɗa shi da yatsa biyu. HP457D. Ba D a farko, D ɗin tana ƙarshe. Wannan ba ɗan LXT ba ne, ɗan wani dangi ne da ake kira G, wanda aka yi don ƙaramin aikin gida. Batiransa suna ƙarewa da harafin G: BL1813G, BL1815G, BL1820G. Cajarsa ma daban, DC18WA, alhali cajar da kafintan ke da ita DC18RC ce. Batirin BL1830B ba zai zauna a ƙafar HP457D ba, na G ɗin ma ba zai shiga injin yankansa ba. Da ya saya, sai ya sake neman batir da caja na dangin G musamman don inji ɗaya, arhar ta koma tsada.

Ya kira yaron a gabana: «Ɗana, bar shi. Tambayi mai kayan ko yana da wanda lambarsa ta fara da DHP.» Akwai DHP453 a rumfar, tsoho ne kaɗan, fentinsa ya koɗe. Shi aka saya. Da ya iso ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, batirin ya zame ya shiga da ƙas ɗin nan da kowane mai inji ya san daɗin jinsa.

Bambancin HP457D da DHP453 a hoton gefe, sai wanda ya daɗe yana kallonsu zai gane. A takarda kuwa, wurin da harafi ɗaya ya zauna ne ya raba gardama.

Ban da LXT da G, akwai wasu dangin a Makita?

Akwai. CXT ƙananan injina ne na 12V, batiransu irin su BL1016 da BL1021B. Su ma zamewa suke yi, kamar ƴaƴan LXT, amma sun fi ƙanƙanta. Kafin su akwai na 10.8V mai batir BL1013 da ake cusawa cikin mariƙi kamar harsashi, shi ma ba ya shiga CXT. Sai XGT na 40V, batiransa BL4025, BL4040 da sauransu, ba ruwansu da LXT. A cikin LXT ɗin ma akwai na 14.4V, kamar BL1430. Manyan injinan da aka rubuta wa 18Vx2 kuwa batir biyu na LXT na yau da kullum suke ci a lokaci guda, ba wani sabon batir ba.

Lambar batirin ita ma tana magana. BL1850B: 18 ƙarfin wuta ne, 50 na nufin 5.0Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, B ta ƙarshe na nufin yana da ƴan fitilun nuna sauran caji.

Batirina na LXT ne, injin ma na LXT, amma ya tsaya rabin hanya ya ƙi shiga.

Duba ƙasan ƙafar injin. In sabon ƙira ne za ka ga alamar tauraro a jikin robar, ko farantin haƙoran ya kasance ruwan ɗorawa. Irin waɗannan suna karɓar manyan batira, BL1840 da BL1850 da BL1860. Wasu tsofaffin injina marasa tauraro an yi su ne a zamanin da BL1830 ne babba, LXT ɗin ya fito tun 2005, kuma akwai ɗan tudu na roba a hanyar batirin da ke tare manyan.

Na san abin da ake yi: a ɗauko wuƙa ko zarto a kankare tudun. Batirin zai shiga, injin zai juya, sai mutum ya ce ya ci nasara. Amma tauraron nan alama ce ta cewa inji da batir suna jin maganar juna, in zafi ya yi yawa ko caji ya kusa ƙarewa, a yanke wuta. Tsohon injin ba ya jin wannan magana, zai ci gaba da tsotsa har ƙwayoyin da ke cikin batirin su faɗi ƙasa da iyakarsu, kuma batirin da ya faɗi haka caja na iya ƙin karɓarsa har abada. Ka jefa batir mai tsada cikin haɗari don tsohon inji. Nemo masa BL1830 ya fi.

An rubuta 20V a wani, 18V a wani. Wanne ya fi ƙarfi?

Babu. Cikin duka biyun ƙwayoyin litiyam biyar ne aka jera bi da bi. Kowace ƙwaya tana ba da 3.6V a tsakiyar aikinta, biyar sau 3.6 ya ba da 18. In an cika ta tana haura 4V, biyar sau 4 ya ba da 20. A cike maƙil tana kai 4.2V, daga nan ne masu rubuta 21V suka samo tasu lambar. Ruwa ɗaya ne, kwanon awo ne ya bambanta.

Shi ya sa batirin DeWalt da aka rubuta wa 20V MAX, na kasuwar Amurka, yake shiga injin DeWalt da aka rubuta wa 18V XR, na kasuwar Turai. Haka 10.8V da 12V na Bosch shuɗi, abu ɗaya ne aka sauya wa suna. Amma kada ka juya maganar: don 18 da 20 ɗaya ne, ba shi ke nufin kowane 20V zai shiga kowane 18V ba. Ƙafa da haƙora su ne masu hukunci.

Na ga inji mai launin Makita an rubuta masa 48V, wani ma 88VF. Fa?

Ɗauki batirin a tafin hannunka. Kafin a samu 48V na gaskiya sai an jera ƙwayoyi 13, kowace ƙwaya kuwa nauyinta wajen giram 45 ne. Wannan ɗan batirin da bai cika hannu ba, ina zai ɓoye su? Sa masa mita bayan caji, za ka ga 20 ko 21. Lambar da ke jiki ado ce.

Irin waɗannan injina da yawa sun kwaikwayi ƙafar LXT, don haka batirin Makita na gaske yakan shige su, nasu ma yakan shiga injin Makita. Shiga dai yana shiga. Abin da ba na yi shi ne ɗora irin wannan batir a cajar asali, ko na asali a tasu ƴar cajar mai siririyar waya. Kowane batir ya koma ga cajar da ya zo da ita.

Ta hoto za a iya gane batirin jabu?

Wani lokaci. Lissafi ne ke tona asiri. A takardar batir ana rubuta V da Ah da Wh, kuma na ukun shi ne na farko sau na biyu. Batir 18V mai 5.0Ah dole ya zama 90Wh, mai 3.0Ah kuma 54Wh. In lissafin bai hau ba, wanda ya buga takardar bai san abin da yake kwafa ba. Haka in ka ga batir mai kamar LXT an rubuta masa 9.0Ah a jiki daidai girman BL1850, ƙwayoyi goma ne a ciki, ba za su ba da haka ba.

Wanda ya fi hoto shi ne sikeli. Ka ce mai kaya ya ɗora batirin a ma'aunin da ke nuna lamba, irin na masu sayar da nama ko zinariya, ya ɗauki hoton. BL1850B na gaske ya ɗan haura giram 600. In ya nuna ɗari huɗu da wani abu, ko dai ƙwayoyin ba su cika ba, ko kuma ƙanana ne marasa ƙarfi. Ƙwararren jabu kuwa ba ya ganuwa a hoto, sai an sa shi aiki: ya ƙare da wuri, ko injin yanka ya riƙa tsayawa da zarar faifai ya ciji ƙarfe.

Bosch fa? Ina da kore, ɗan'uwana yana da shuɗi.

Ba za ku yi aron batir ba. Na shuɗi an rubuta masa GBA ko ProCORE18V, na kore PBA. Duka 18V, duka Bosch, amma kowa da ƙafarsa da cajarsa. A nan launi yana taimakawa, sai dai injin da ya sha rana da ƙurar Maraɗi, aka kuma ɗauke shi hoto da daddare, koren da shuɗin kan rikice. Koma ga takarda.

DeWalt?

Abu biyu. Tsofaffin na 18V masu batir mai dogon wuya da ake cusawa sama cikin mariƙi ba sa karɓar sababbin masu zamewa, sai da adaftar da kamfanin ya yi, DCA1820. Na biyu, FlexVolt, mai 54V ko 60V, hanyarsa ɗaya ce: batirin FlexVolt yana aiki a injin 18V, amma batirin 18V ba ya tayar da injin 54V. Kuma ko da yake Stanley da Black+Decker da DeWalt duk a ƙarƙashin uwa ɗaya suke, batiransu ba sa shiga juna.

Ingco da Total, waɗanda suka cika kasuwa?

A nan sauƙi ake samu. Nemi alamar P20S a jikin inji da jikin batir. Duk masu wannan alama ƴan dangi ɗaya ne na 20V, kuma za ka gan ta a kayan kamfanonin biyu. Ƙananan na 12V ba sa cikin wannan. In a babbar kasuwa kake saye, ba ka bukatar hoto ma: sa batirinka a aljihu ka je da shi, ka zura, ka danna.

Akwai adafta da ke haɗa batirin wani kamfani da injin wani. In saya?

Tana aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Amma ka san abin da ka rasa. Kowane kamfani da inda ya ajiye mai gadin batir, wato abin da ke yanke wuta in caji ya yi ƙasa. Wani ya sa shi cikin batir, wani cikin inji. A DeWalt, alal misali, injin ne ke yankewa. In ka ɗauki batirinsa ka haɗa da baƙon inji ta adafta mai waya biyu kawai, babu mai gadi ko ɗaya a tsakani, kai ne mai gadin. Da ka ji inji ya fara sanyi, tsaya, kada ka matse shi har ya mutu. Ka cire adaftar daga batir in ka tashi aiki, don wasu suna shan wuta a hankali ko ba a aiki. Kada ka yi caji ta cikinta ko sau ɗaya. A injin huda ko fitila ina iya haƙuri da ita. A injin yankan ƙarfe mai zuƙar wuta da yawa, haƙoranta kan yi zafi har robar ta narke.

In na sa batir mai 5.0Ah a wurin mai 1.5Ah, ba zai ƙona injin ba?

A'a. Ah girman tulu ne, ba ƙarfin zubar ruwa ba. Inji abin da yake bukata kawai yake ja. Za ka daɗe kana aiki, hannunka kuma zai ji nauyi in sama kake huda.

Me ya sa ka ce a ɗauki hoton caja ma?

Don na ga sababbin caja da yawa sun mutu a minti na farko. Wutarmu ta NIGELEC 220V ce. Kayan da aka yi don Amurka cajarsu 120V ce, kuma yawancinsu ba sa ɗaukar wuta biyu kamar cajar salula. Inji da batir ba ruwansu da wannan, caja ce kaɗai abin ya shafa. In takardar ƙasanta ta ce 120V kawai, kana sa ta a bango za ka ji tas, wari ya tashi. Ɗan kan da ake saye don ƙafafunta masu faɗi su shiga soket ba ya rage wuta, siffa kawai yake sauyawa. Sai dai taransifoma mai sauke wuta zuwa 110, ko ka nemi cajar dangin mai 220V zuwa 240V. In lambar injin ta fara da X a Makita, ko an rubuta 20V MAX a DeWalt, to ka fara zargin cajar tun daga hoto.

Batirin ya shiga, caja daidai ce, amma tana ta ƙyafta fitila ba ta caji. Na yi kuskuren dangi ne?

In ya zauna daram a cajar, da wuya dangi ne matsalar. Taɓa shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, batirin da ya fito daga aiki ko ya wuni a akwatin babur yana zuwa da zafin da caja ba za ta karɓa ba, sai ta jira ya huce. Littafin Makita ya ce a yi caji tsakanin digiri 10 da 40, kuma kada a ajiye batir inda zafi ke kai 50, rumfar kwano da tsakar rana kuwa ba ta da nisa da haka. Ajiye shi a inuwa a kan siminti, ka sake gwadawa bayan sallar Magariba. A cajar DC18RC, jar fitila kaɗai tana ƙyaftawa na nufin jira take yi. Ja da kore suna karɓa-karɓa kuwa, batirin take cewa ya lalace. Kafin ka yarda da ita, hure ƙurar da ke cikin ramukan haƙoran, ka goge su da busasshen buroshi, ka sake ɗorawa sau ɗaya. In ta maimaita, kawo shi in sa masa mita.

Takardar ta goge gaba ɗaya, ba a ganin komai. Shi ke nan?

Da sauran dabara. Hoton ƙasan ƙafa shi ne zai yi aiki yanzu: a ajiye batirin da kake da shi kusa da ƙafar injin a hoto ɗaya, a ga faɗin hanyar da yawan haƙora da inda ƙugiyar kullewa take. Tauraro ko rubutun LXT, XR, P20S sau da yawa a jikin robar aka zuba su, ba sa gogewa kamar takarda. Bakin injin kuma yana faɗin aikinsa: mai haƙora uku da ake murɗawa na huda ne, ɗan gajere mai rami kusurwa shida na sukuru ne, mai kai murabba'i na noti. Da wannan zan iya gaya maka ko wane irin inji ne da kuma danginsa. Ainihin lambar samfurin kuwa, wadda za ka bukata ranar da gawayin mota ko makunni ya lalace, sai an kawo shi rumfa mun kwance mun duba lambobin da ke jikin kayan cikinsa.